Jarin da Ba Ya Shiga Littafi: Yini Ɗaya da Mai Tebur a Kantin Kwari

Ranar Asabar ce, tara ta ɗan gota, ya sauko daga adaidaita sahun da ya ɗauko shi daga Rijiyar Lemo, ya kutsa cikin Kantin Kwari. Daga bakin titi zuwa inda teburinsa yake tafiyar minti uku ce, amma shi sai ya ci minti ashirin. Ya tsaya wurin mai gadi ya tambayi jikin mahaifiyarsa. Ya leƙa wurin tela ya yi masa barkar haihuwa. Da ya iso ƙofar babban shagon da ke kan kwana, sai ya cire takalmi, ya rusuna.

"Baba Alhaji, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya iyali? Yau dai Asabar ko?"

"Haka ne, ranka ya daɗe. Kafin magariba in Allah ya so."

Iyakar maganar ke nan, ba wanda ya ambaci kuɗi, amma kowannensu ya san abin da aka faɗa. Yau ce ranar balas, ranar da wanda ya karɓi kaya bashi yake kai kuɗin mai kaya.

Mu kira shi Mai Tebur, domin ba mutum ɗaya ba ne. Irinsa suna da yawa a wannan kasuwa ta Fagge, wadda 'yan sari ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Maiduguri da Chadi da Kamaru su sayi atamfa da shadda da leshi. Shekarunsa sun kusa arba'in, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, yana zaune a gidan haya. Ba shi da shago. Abin da yake da shi tebur ne a bakin shagon wani, da rumfar leda, da benci, da wani littafi mai bangon kwali da ya sha hannu har ya yi baƙi. Wanda ya kalli teburin zai ga kayan da suka haura naira miliyan ɗaya an jere su turmi bisa turmi. Abin da ido ba zai nuna masa ba shi ne, abin da yake na Mai Tebur a ciki bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran duk amana ce.

Farashi a Kwari ba ya kwana biyu wuri guda, don haka mu ɗauki lissafi mai sauƙi don misali. A ce turmin atamfa mai yadi shida Alhaji yana sayar da shi naira 9,000 ga wanda ya zo da kuɗi hannu. Mai Tebur ba shi da kuɗi hannu, sai a ba shi a kan 9,300, ya biya bayan mako guda. Asabar ɗin da ta wuce ya ɗauki turmi 40, ke nan ana bin sa 372,000. Idan ya sayar da kowane turmi 10,000, ya tara 400,000, ribarsa 28,000. Da kuɗinsa ya saya, da ribar ta zama 40,000. Wannan 12,000 da ke tsakani ita ce kuɗin rashin jari, kuma duk mako sai ya biya ta.

A nan ake ganin abin da masu nazarin zaman jama'a ke kira aji, wato matsayin mutum ta fuskar abin da ya mallaka da hanyar da yake samun abinci. Alhaji da Mai Tebur duk 'yan kasuwa ake ce musu, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, atamfa iri ɗaya suke taɓawa. Amma ɗaya yana da sito da diloli da kuɗin da zai aika China a ɗoro masa kwantena, ɗayan kuwa ƙarfinsa da bakinsa kawai yake da su. Mai jari yana iya riƙe kaya har farashi ya tashi. Mai Tebur ba ya iya riƙe kaya ko na kwana goma, domin Asabar tana tafe.

To amma me ya sa ake ba shi kayan dubu ɗari uku da ɗoriya ba takarda, ba jingina, ba shaida? Amsar tana cikin shekaru goma sha ɗaya da ya yi yana yaron shago a wurin Alhaji. Kawunsa, wanda suka yi makarantar allo tare da Alhaji, shi ya riƙo hannunsa ya kawo shi yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya yi shara, ya yi aike, ya kai abinci, ya kai kuɗi banki bai taɓa dawowa da labarin ɓata ba. Da lokaci ya yi aka sallame shi da ɗan jari da wurin kafa tebur. Mafi tsada a cikin sallamar ba kuɗin ba ne, wata kalma ce da Alhaji ya faɗa wa abokansa manyan diloli: "Yarona ne, ku ba shi." Da wannan kalma yake karɓar shadda a wani gida, leshi a wani, har yau.

Bafaranshen nan masanin zamantakewa, Pierre Bourdieu, ya yi suna da bayanin cewa jari ba kuɗi kaɗai ba ne, akwai jarin mutanen da ka sani kuma suka san ka, wanda ake iya juya shi ya zama kuɗi. Bahaushe bai jira shi ba, yana da sunansa tuntuni: arzikin mutane. Emmanuel Grégoire, wanda ya yi bincike kan Alhazan Maraɗi ya fitar da littafi a 1986, ya nuna cewa ƙarfin attajiri a can ana auna shi da yawan barorin da ke ƙarƙashinsa, waɗanda yake ba kaya su kai garuruwa su dawo da kuɗi. Kafin shi, Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya rubuta a littafinsa na 1969 yadda fatauci na shanu da goro ya tsayu a kan masu gida: baƙo ya kawo shanu daga arewa, a sayar wa mahauta bashi, mai gida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ci kuɗi, mai gida ne zai ji kunya, kuma shi zai san yadda za a yi. Abin da ake yi a Kwari ɗan wannan tsohon tsari ne, kaya ne kawai suka sauya.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura, ciniki ya fara kankama, sai Mai Tebur ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa ta shadda da ya zo da ita a leda, ya bar wa ƙanensa tebur. Ana ɗaurin auren 'yar ƙanen Alhaji a Nassarawa. Wanda ba ɗan kasuwa ba zai ce wauta ce mutumin da ake bi bashi ya bar ciniki a tsakiyar hantsi, ya biya kuɗin mota, ya kuma saka gudummawa a ambulan. Shi kuwa ya san rashin zuwa ya fi zuwa tsada. Ba za a ce masa komai ba in bai je ba, amma za a lura, kuma lura irin wannan takan fito a ranar da ya zo neman ƙarin kaya.

Wurin ɗaurin aure makaranta ce ga mai son ya fahimci bambancin dukiya da daraja. An shimfiɗa dardumai a gaba, an jera kujeru a baya, sauran jama'a suna tsaye a rana. A kan darduma ta gaba akwai limamin unguwa, dattijon da a tsohon babur aka kawo shi, amma attajirai na rusunawa suna neman addu'arsa. Kusa da shi akwai wani mai rawani daga gidan sarauta, wanda kowa ya san aljihunsa ba nauyi, amma maroƙi ya fara da sunansa. Can a layi na biyu ga wani matashi da ya zo a motar da ta fi ta kowa tsada, ya yi kuɗi cikin 'yan shekaru, an ba shi kujera an girmama shi, amma ba a matsa masa wuri a darduma ba. Mai Tebur yana daga gefe tare da yaran Alhaji na da da na yanzu, su ne masu raba goro da alawa da nuna wa baƙi wuri. Ba baƙo ba ne da za a zaunar, ba kuma ɗan gida ba ne da za a yi shawara da shi.

Wannan jeri ba yau aka fara shi ba. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 cewa martabar namiji a ƙasar Hausa tana bin sana'arsa: masu sarauta a sama, malamai da manyan attajirai na biye, sai manoma da masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, sannan waɗanda al'ada ta ajiye a ƙasa kamar mahauta da maroƙa. Ya kuma lura da bambancin da ake yi tsakanin karda, sana'ar da mutum ya gada, da shigege, wadda ya shiga da rana tsaka. Zamani ya sassauta abubuwa da yawa, boko da siyasa sun kawo sababbin manya, amma tambayar "ɗan gidan wane ne?" ba ta mutu ba, musamman in an zo neman aure. Kuɗi yana sayen kujera a rana ɗaya. Darduma kuwa sai an haɗa da shekaru, da aikin hajji, da gina masallaci, da fitar da zakka a ga an fitar, da haɗa zuri'a da gidajen da ake ganin girmansu.

A Kano asali ya taɓa zama jari tsagwaronsa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun riƙe fataucin goro zuwa Gwanja a ƙarni na 19 ne saboda suna ba junansu bashi da masauki da labarin farashi a kan hanyar da ake shafe watanni ana tafiya. Daga cikin Agalawa Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji, ya fara da goro, ya koma sayen gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Hazaƙarsa ba abin musu ba ce, amma ya taso ya tarar da hanya da mutane a kanta. Mai Tebur ɗan manomi ne, kasuwa shigege ce a wurinsa. Duk wanda ya sani a Kwari, shi ya nemo shi da ƙafarsa.

Bayan azahar ya dawo ya buɗe littafi, nan ne gumi ya karyo masa. Cikin turmi 40 ya sayar da 28 kuɗi hannu, ya tara 280,000. Sauran 12 ya ba wata Hajiya 'yar Gombe da ke haɗa ankon biki, tsohuwar kwastomarsa, a kan za ta turo 120,000 ranar Alhamis. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Cikin kuɗin da ya tara kuma ya taɓa 20,000 ya yi cefane da kuɗin mota da gudummawar yau. Abin da ke hannunsa 260,000 ne, ana bin sa 372,000, giɓin 112,000.

Ya kira ta. "Hajiya, barka da rana. Ya taro? Na ce ko an manta da mu ne."

"Haba Malam, wallahi ban manta ba. 'Yan anko ne ba su gama kawowa ba. Ka yi mini haƙuri zuwa Talata."

"Ba komai Hajiya, Allah ya kai mu."

Bai ɗaga murya ba, domin shekara shida tana saye a wurinsa, kuma ita ta haɗa shi da wasu mata uku a garinsu. In ya ƙure ta a kan kwana huɗu, ya yi asarar mutum huɗu. Haka nan bai yi tunanin zuwa wurin Alhaji ya ce a ɗaga masa ƙafa ba. Za a ɗaga, amma ɗaga ƙafa ana ƙirga shi. Na farko uzuri ne, na biyu a rage maka kaya, na uku yaran shago su fara cewa "kaya sun ƙare" alhali kana ganin diloli a bayansu. Haka karyewar ɗan kasuwa take farawa, ba da shela ba. Manyan diloli suna zama a majalisa ɗaya bayan la'asar, abin da ɗaya ya sani kafin isha'i saura sun sani.

Sai ya fara zagaye. Maƙwabcin teburinsa, wanda shi ma ya taɓa rufa wa asiri watanni biyu da suka wuce, ya zaro 40,000 ya ba shi bai tambayi ranar biya ba. Akwai adashin mutum goma da suke zubin 5,000 duk Asabar, kwasar yau ta telan nan ce da ya yi wa barka da safe. Ya roƙe shi su yi musayar layi, tela ya ce ragon suna ya riga ya samu, ya ɗauka. Ga 50,000 ta shigo. Saura 22,000. Ya ɗauko wata shadda tasa ta kansa da ya saya 25,000, ya miƙa wa wani ɗan kayi-na-yi, ya ce duk yadda ta kama. Ta tafi a 22,000. Ya yi faɗuwar dubu uku da saninsa, kuma bai ɗauke ta asara ba, domin abin da ya tsare da ita ya fi ta nesa ba kusa ba.

Cikin sa'a biyu ya haɗa 90,000 ba banki, ba ruwa, ba sa hannu. Amma kada a ɗauka kyauta ce. Kowace naira a ciki an riga an biya ta da zuwa jana'iza da suna da dubiya, kuma za a sake biya. Ranar da maƙwabcin zai shiga matsi, ba shi da bakin cewa babu. Arzikin mutane yana cin lokaci, yana cin kuɗi, kuma yana da nauyi a wuya: ƙanen da ke zaune a tebur, da ɗan 'yar'uwa da ke jiran a samo masa wuri, da mutanen ƙauye da ke sauka a gidansa in sun kawo mara lafiya asibiti, duk daga wannan riba ta dubu ashirin da 'yan kai ake yi musu. Shi ya sa jarinsa na kuɗi ya shekara biyar bai motsa ba.

Yana kuma da iyaka. Mutanen Mai Tebur irinsa ne: tela, ɗan tebur, direba, malamin Islamiyya. Za su iya cike masa giɓin mako guda, amma ba mai iya buɗe masa ƙofar da ta fi tasu. Ɗan Alhaji na fari, wanda bai kai shi sanin atamfa ba, yana da lambar mai canji a Wapa da zai ba shi dala a kan amana, da wakili a Guangzhou, da wanda zai fito masa da kaya daga tashar jirgin ruwa, da abokan makaranta a banki da ma'aikatun gwamnati. Duka biyun suna da jama'a, amma jama'ar ɗaya tana riƙe shi ne kada ya faɗi, ta ɗayan kuwa tana ɗaga shi sama.

Bambancin yakan fito fili in masifa ta zo wa kowa lokaci guda. Da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a watan Agusta na 2022 ta jiƙa kaya, mai sito da yawa ya yi asara a wani ya tsira da wani, amma ƙaramin da kayan amana suka jiƙe a hannunsa ya tashi da bashi ba kaya, kuma waɗanda zai ruga wurinsu su ma ruwan ya ci su. Haka da gwamnati ta saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A irin wannan yanayi mai ba da kaya bashi shi ke cutuwa, domin kuɗin da za a kawo masa bayan mako ba zai sayo abin da ya bayar ba. Dole ya taƙaita, ya zaɓi waɗanda zai ci gaba da ba. Mai Tebur yana cikin waɗanda aka zaɓa, amma turmi 60 da ake ba shi a da ya koma 40. Wasu da ba su da mai cewa "yarona ne" sun naɗe tebur sun koma tuƙa adaidaita.

Biyar da rabi ya shiga shagon Alhaji. Bai miƙa wa Alhaji kuɗi ba, ba a yin haka. Ya ba magatakarda, aka ƙirga, aka ja layi a littafi. Alhaji yana waya, ya ɗago ido kawai.

"Na gan ka a wurin ɗaurin aure. Allah ya bar zumunci."

"Amin, ranka ya daɗe."

"Akwai sabon zane da ya sauka jiya. Ku ba shi hamsin."

Wanda ya ɗauko kayan zuwa tebur wani ɗan dako ne, saurayi ɗan ci-rani da ke kwana a barandar shaguna tare da 'yan garinsu. Damina uku ke nan yana komawa gida yana dawowa, kuma duk dawowa a layin nan yake tsayawa. Ya fi kowa sanin lungunan kasuwar, yana ɗaukar dilar da ta fi shi nauyi, amma ba wanda zai ba shi ko yadi ɗaya bashi, domin ba a san gidansu ba, ba a san wanda za a kama in ya ɓace ba. A wurinsa Mai Tebur babban mutum ne, "Maigida" yake ce masa. Wata rana an manta da ƙunshin kuɗi a cikin kayan da ya kai tasha, ya dawo da shi cif, kuma Mai Tebur bai manta ba.

Da ya sauke kayan ya karɓi ladansa, sai ya tsaya yana murza gammo a hannu.

"Maigida, akwai matan garinmu da ke tambayata atamfa in zan je gida."

Mai Tebur ya dube shi jim kaɗan, ya zaro turmi uku daga cikin sababbin, ya ɗora masa a hannu. Ya buɗe littafin nan mai baƙin bango, ya nemi shafin da ba a taɓa rubutu a kai ba, ya rubuta sunan yaron da sunan garinsu, ya sa 9,600 a gaban kowane turmi.

"Yaushe za ka dawo?"

"Juma'a, in Allah ya yarda."

"To, Asabar nake balas. Kada ta wuce Juma'a."

Ladan ya fara kiran magariba daga masallacin cikin kasuwa. Ƙanensa ya jawo leda ya rufe sauran turmi 47, shi kuma ya tura littafin cikin aljihu ya ɗauki buta.